Kuɗin Sallama a Dokar Ƙwadago ta Saudiyya: Yadda Ake Lissafa Shi da Bambancinsa da Fansho

Kuɗin sallama, wanda ma'aikata suka fi sani da garatuti, shi ne dunƙulallen kuɗin da mai aiki yake bai wa ma'aikacinsa sau ɗaya tak a ranar da suka rabu. A Saudiyya ana kiransa mukafa'atu nihayatil hidima, kuma ba kyauta ba ce da kamfani yake yi idan ya ga dama. Bashi ne da doka ta ɗora masa. Dokar ƙwadagon ƙasar, wadda aka fitar a shekarar 1426 ta Hijira, daidai da 2005, ta tanadi yadda ake lissafa shi daga sashe na 84 zuwa na 88. Maganar ta shafi Hausawa kai tsaye, domin likitoci da malaman jinya da malaman jami'a da direbobi da masu aikin hannu daga Najeriya da Nijar da suke aiki a Makka da Madina da Jidda da Riyad ba sa cikin tsarin fanshon ƙasar. Idan aiki ya ƙare, wannan kuɗin kaɗai doka ta ce a ba su a madadin shekarun da suka yi.

Ƙa'idar lissafin gajeriya ce. Ma'aikaci yana da albashin rabin wata a kan kowace shekara daga cikin shekaru biyar na farko, sannan albashin wata guda cur a kan kowace shekara da ta biyo baya. Albashin da ake aunawa da shi kuwa shi ne na ƙarshe da ya karɓa, ko da ya soma aikin a kan abin da bai kai rabinsa ba. Idan akwai watannin da ba su cika shekara ba, ba a zubar da su, ana ba shi gwargwadonsu.

A ɗauki misalin wani ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje a asibiti mai zaman kansa a Jidda. Tushen albashinsa riyal 4,500 ne a wata, alawus ɗin gida riyal 1,100, na sufuri kuma riyal 400. Jimilla yana karɓar riyal 6,000. Ya yi shekara takwas da wata shida, sai wa'adin kwantiraginsa ya cika, asibitin bai sabunta ba. Rabin albashinsa riyal 3,000 ne, don haka shekaru biyar na farko sun ba shi riyal 15,000. Saura shekara uku da rabi, kowace a kan riyal 6,000, wato riyal 21,000. Abin da zai karɓa ke nan riyal 36,000, daidai da albashin wata shida.

Wurin da aka fi yin rigima shi ne abin da ake nufi da albashi. Dokar ta bambanta tushen albashi da albashi na haƙiƙa, wanda ya ƙunshi tushen da sauran ƙarin da ma'aikaci yake samu saboda aikinsa, kuma ta ce duk inda ta ambaci albashi kurum to na haƙiƙar take nufi. Ke nan alawus ɗin gida da na sufuri da ake biya kowane wata suna cikin lissafi. Akwai kamfanonin da suke yin lissafin a kan tushen kawai, wani lokaci bisa kuskure, wani lokaci da gangan, suna dogaro da cewa mutumin da ya ƙagu ya koma gida ba zai tsaya ƙirga ba. A misalin nan, da an auna da riyal 4,500, abin da zai fito riyal 27,000 ne. Riyal 9,000 sun salwanta ke nan ba tare da kowa ya ɗaga murya ba. Hanyar gane wannan mai sauƙi ce: mutum ya fara ƙirga watannin da ya cancanta, ya ninka su da abin da yake shiga asusunsa duk wata, sannan ya gwada da adadin da aka rubuta masa. Abin da doka ta yarda a cire, a sashe na 86, shi ne kamasho da kason ciniki da makamantansu masu hawa da sauka, shi ma sai idan an yi yarjejeniya a kan hakan.

Akwai wani ɗan abu da yawancin mutane ba sa lura da shi. Sashe na 10 ya ce ana ƙirga lokutan da dokar ta ambata da kalandar Hijira, sai dai idan kwantiragi ko ƙa'idar wurin aiki ta ce da wata. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11. Ga wanda ya yi shekara biyu bambancin ba wani abu ba ne, amma ga wanda ya yi shekara ashirin ya haura wata bakwai.

Duk wannan lissafi na cikakken haƙƙi ne. Ko mutum zai karɓe shi duka ko wani ɓangare, ya danganta da yadda aikin ya ƙare, kuma a nan ne ma'aikata suka fi yin asara da hannunsu. Idan mai aiki ne ya sallami ma'aikaci ba tare da laifi ba, ko wa'adin kwantiragi ya cika, ko mutum ya kai shekarun ritaya, ana biyan kuɗin duka. Idan kuwa ma'aikacin ne ya yi murabus, sashe na 85 yana rage masa. Wanda bai cika shekara biyu ba ba shi da komai. Daga shekara biyu zuwa biyar yana da kashi ɗaya bisa uku. Wanda ya wuce biyar amma bai kai goma ba yana da kashi biyu bisa uku. Sai wanda ya cika shekara goma ne yake karɓar haƙƙinsa cikakke ko da shi ya ajiye aikin.

Ma'aikacin nan na Jidda, da a ce shi ya rubuta takardar murabus bayan shekara takwas da rabi, riyal 24,000 zai samu maimakon 36,000. Abin ya fi muni ga wanda ya tsaya a bakin gaɓa. Idan ya yi murabus yana da shekara tara da wata goma sha ɗaya, cikakken lissafinsa riyal 44,500 ne, amma abin da zai shiga hannunsa bai kai riyal 29,700 ba. Da ya daure wata guda ya cika shekara goma, riyal 45,000 zai karɓa. Gaggawar kwana talatin ta ci masa fiye da riyal 15,000.

Ya kamata a bambanta murabus da ƙin sabunta kwantiragi. Doka ta ce kwantiragin wanda ba ɗan ƙasa ba dole ne ya zama rubutacce kuma mai wa'adi. Idan wa'adin ya zo ƙarshe, ma'aikaci ya sanar a kan lokaci cewa ba ya son sabuntawa, kwantiragin ya ƙare ne da kansa, ba murabus aka yi ba, don haka ragin sashe na 85 bai hau kansa ba. Mutane biyu za su iya barin wurin aiki ɗaya a wata ɗaya da shekaru iri ɗaya, ɗaya ya tafi da kuɗinsa duka, ɗayan ya tafi da kashi biyu bisa uku, bambancin kawai shi ne kalmar da kowannensu ya rubuta a takardarsa da ranar da ya zaɓa. Shi ya sa idan ofishin ma'aikata ya ce wa mutum ya rubuto takardar murabus don a sauƙaƙa masa tafiya, alhali kamfanin ne yake son rabuwa da shi, sauƙin na kamfani ne.

Dokar ta yi wa wasu sassauci. Mace da ta ajiye aiki cikin wata shida da ɗaura aurenta, ko cikin wata uku da haihuwarta, tana karɓar haƙƙinta cikakke. Haka wanda wani dalili da ya fi ƙarfinsa ya tilasta masa barin aiki. Sashe na 81 kuma ya ba ma'aikaci damar tafiya ba tare da sanarwa ba, da dukkan haƙƙoƙinsa, idan mai aikin ne ya saɓa muhimman sharuɗɗan kwantiragi, ko ya ci zarafinsa, ko ya yaudare shi game da yanayin aikin tun farko. A ɗaya ɓangaren, sashe na 80 ya ba kamfani damar kora ba tare da ko kwabo ba a kan manyan laifuffuka, irin su dukan shugaba a wurin aiki, ko samun aikin da takardun jabu, ko tona asirin kamfani, ko ƙaurace wa aiki ba uzuri fiye da kwana 15 a jere ko fiye da kwana 30 a shekara bayan an yi gargaɗi a rubuce. Wanda ya je hutu gida ya zarce bai sanar ba yana iya faɗawa cikin wannan ramin. Wanda aka sallama a lokacin gwaji ma ba shi da kuɗin sallama.

Masu aikin gida, wato 'yan aikatau da direbobin gida da masu dafa abinci, ba sa ƙarƙashin waɗannan sassa. Suna da tasu ƙa'idar daban, kuma abin da ta ba su kaɗan ne ƙwarai: albashin wata guda bayan shekara huɗu a jere a gida ɗaya. Wanda yake aiki ba igama ba kwantiragi kuwa, da wuya ya sami abin da zai kafa hujja da shi.

Game da lokacin biya, sashe na 88 ya ba mai aiki mako guda daga ranar da aiki ya ƙare, ko mako biyu idan ma'aikacin ne ya kawo ƙarshensa, kuma yana iya cire bashin da yake bin ma'aikacin ta dalilin aiki. Kuɗin hutun da mutum bai ci ba haƙƙi ne daban, ba ya cikin kuɗin sallama. Idan aka hana, ana fara kai ƙara ofishin sulhu na ma'aikatar da ke kula da ƙwadago, in sulhu ya gagara a wuce kotun ma'aikata. Wa'adin shigar da ƙara wata goma sha biyu ne daga ƙarewar aiki. Babban kuskure shi ne sa hannu a takardar da ke cewa mutum ya karɓi dukkan haƙƙoƙinsa kafin kuɗin su shiga asusu, domin wannan takardar ce kamfani zai fara miƙa wa alƙali.

Wanda ya saba da lissafin Saudiyya kada ya ɗauka haka yake a duk yankin. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, dokar 2021 ta ba da albashin kwana 21 a kan kowace shekara daga biyar na farko, da kwana 30 a kan na baya, a kan tushen albashi kawai, kuma jimillar ba ta wuce albashin shekara biyu. Sai dai can murabus ba ya rage komai muddin mutum ya cika shekara guda.

Fansho wani gini ne daban tun daga tushe. A Saudiyya hukumar inshorar ma'aikata, GOSI, ita ke riƙe da fanshon ma'aikatan kamfanoni, kuma reshen fanshon na 'yan ƙasa ne. Baƙo an yi masa rajista ne a reshen haɗurran aiki kawai, wanda mai aiki yake biyan kashi 2 cikin ɗari dominsa, kuma ba ya haifar da kuɗin tsufa. A tsarin da ya shafi waɗanda suka fara aiki kafin gyaran Yulin 2024, ana cire kashi 9 cikin ɗari daga albashin ɗan ƙasa kowane wata, kamfani ya ƙara wani kashi 9, a kan tushen albashi da alawus ɗin gida. Idan lokacin ritaya ya yi, ana ɗaukar matsakaicin albashin shekara biyu na ƙarshe, a ninka da adadin watannin da mutum ya yi yana zubi, a raba da 480. Ma'ana, kowace shekara ta aiki tana ba shi kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashinsa, duk wata, har ƙarshen rayuwa.

Sai a ajiye mutum biyu a ɗakin gwaje-gwaje ɗaya, baƙo da ɗan ƙasa, kowanne ya yi shekara 25 ya gama a kan riyal 6,000. Kuɗin sallamar baƙon albashin wata biyu da rabi ne na shekaru biyar na farko, da na wata ashirin na sauran, wato wata 22 da rabi, riyal 135,000. Fanshon ɗan ƙasar kuwa ana auna shi da riyal 5,600, a ninka da wata 300, a raba da 480, sai ya fito riyal 3,500 duk wata. A ido, riyal 135,000 a dunƙule sun fi cika fuska. Amma idan baƙon ya riƙa cire riyal 3,500 a wata don ya yi rayuwa irin ta abokin aikinsa, kuɗin za su ƙare a cikin wata na 39, shekara uku da 'yan watanni. Idan ya so su kai shi shekara ashirin, abin da zai iya taɓawa bai wuce riyal 562 da ɗoriya a wata ba, matuƙar bai juya su ba. A cikin waɗannan shekaru ashirin ɗan fanshon zai karɓi riyal 840,000. Kuma shi ma doka ta ba shi nasa kuɗin sallamar a kan fanshon, domin ɗaya ba ya soke ɗaya.

Dalilin wannan tazara ba boyayye ba ne. Albashin rabin wata a shekara daidai yake da ajiye kashi 4 da ɗan ɗori cikin ɗari na albashi, albashin wata guda kuma kashi 8 da ɗaya bisa uku. Fansho kuwa kashi 18 ake zuba masa tun daga watan farko, ana juya kuɗin shekara da shekaru, sannan asusun na haɗaka ne, abin da wanda ya rasu da wuri ya bari yana taimakawa wajen biyan wanda ya yi tsawon rai. Adalci kuma ya sa a faɗi cewa ɗan ƙasar ya saya ne da aljihunsa: a kan albashin nan ana yanke masa riyal 504 duk wata, abin da ba a taɓa yanke wa baƙon ba. Baƙon da bai ajiye kwatankwacin wannan da kansa ba ya riga ya cinye fanshonsa tun yana aiki, ko ya sani ko bai sani ba.

Wani rauni na kuɗin sallama shi ne yana ɗaure mutum da kamfani ɗaya. Duk lokacin da ya koma wani mai aiki, ƙirgar shekaru biyar masu rabin wata tana komawa farko. Wanda ya yi shekara 25 a wurare biyar, biyar-biyar, albashin wata 12 da rabi zai tara, ba 22 da rabi ba, kuma guntun farko an biya shi ne a kan ƙaramin albashin ƙuruciya. In ma murabus ya riƙa yi, abin ya ragu ƙasa da haka nesa. Fansho bai damu da sauyin wurin aiki ba, watannin zubi suna taruwa a asusu ɗaya. Sayar da kamfani ko haɗe shi da wani dai ba ya katse shekarun ma'aikaci, dokar ta ɗauke su a matsayin hidima mai ci gaba.

Haka kuma kuɗin sallama ba a ajiye suke a wani asusu na daban ba. Lamba ce a littafin kamfani har ranar biya. Sashe na 19 ya sa haƙƙin ma'aikaci a sahun farko na basussukan da za a biya idan kamfani ya karye, amma sahun farko a gaban tukunyar da ba komai bai ƙosar da kowa ba. Kamfanin gine-gine na Saudi Oger, wanda ya daina aiki a 2017, ya bar dubban ma'aikata suna bin albashin watanni da kuɗin sallama. Irin wannan haɗari ne ya sa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta buɗe wani tsari na zaɓi a 2023, inda kamfani zai riƙa zuba kuɗin sallamar ma'aikaci duk wata a asusun zuba jari da ba ya hannunsa.

Duk da haka kuɗin sallama yana da inda ya fi fansho, musamman ga mai komawa gida. Yana tafiya da mai shi duk ƙasar da ya nufa, ba sai ya riƙa zuwa tantancewa don tabbatar da cewa yana raye ba. Idan ya rasu, abin da ya rage gado ne da za a raba wa magada, alhali fansho yana bin ƙa'idar hukuma ne game da waɗanda suka cancanta daga iyali da lokacin da za a tsayar musu. Yana iya zama jari ko gida a lokaci guda. Kuma da yake an ɗaure riyal da dala a kan 3.75 tun 1986, ƙimarsa ba ta zaizayewa kamar ta fanshon da ake biya da naira, wanda masu karɓarsa suka ga yadda ya ƙanƙance bayan an saki farashin naira a Yunin 2023. Sai dai wannan fifiko yana ƙarewa ranar da aka canja kuɗin gaba ɗaya zuwa naira aka ajiye. Daga nan hauhawar farashi za ta ci shi kamar yadda take cin kowa, ga kuma 'yan'uwa da suka ji labarin an dawo da kuɗi. Fansho ba a iya ranta shi duka a rana ɗaya, kuma wannan kariya ce da dunƙulallen kuɗi ba shi da ita.

A Najeriya tsarin ya bi wata hanya. Dokar ƙwadagon ƙasar ba ta wajabta wa kamfani garatuti ba, sai abin da kwantiragi ko yarjejeniyar ƙungiyar ma'aikata ta tanada. Abin da aka wajabta shi ne fanshon karo-karo da aka kafa a 2004 aka gyara a 2014, inda mai aiki yake zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8, a asusu mai sunan ma'aikacin ƙarƙashin kulawar hukumar PenCom. Jimillar kashi 18 ce, daidai da ta Saudiyya, amma babu alƙawarin wani ƙayyadadden adadi: abin da asusun ya tara shi ne abin da za a ci. Ma'aikacin da ya bar aiki a Kano ko Kaduna ya tafi Saudiyya bai rasa abin da ke cikin asusunsa ba, kuɗin suna nan ana juya su, amma zubin mai aiki ya tsaya daga watan da ya tafi. Shekarun da zai yi a can ba sa ƙara masa komai a fanshon ƙasar da yake aiki, ba sa ƙara masa a na gida, sai abin da ya ajiye da hannunsa. Idan yana son ya kamo ɗan ƙasar da suke aiki tare, lissafin ya nuna gibin: kuɗin sallama yana maye kashi 4 zuwa 8 ne kawai daga cikin 18, don haka kashi 10 zuwa 14 cikin ɗari na albashinsa ne ya rage a wuyansa duk wata, tun daga shekarar farko.